Leƙe Ko Bin Kundi: Yadda Ake Sa Rahoton Kamfani Ya Tafi Da Lokaci

Kamfanin da ya ɗan girma ba ya barin manajoji su riƙa ciro rahoto daga rumbun bayanan da ma'aikatan kanta suke aiki da shi. Dalili kuwa a fili yake. Idan shugaban sashen kuɗi ya nemi jimlar cinikin wata shida, kwamfuta za ta duba miliyoyin layuka kafin ta ba shi amsa, a daidai lokacin da mai karɓar kuɗi yake jiran ta fitar masa da rasit ga abokin cinikin da ke tsaye a gabansa. Shi ya sa ake gina rumbu na biyu domin rahoto kaɗai, a riƙa kwashe abin da ya canja a na farko ana zubawa a cikinsa. A da, kwasa ɗaya ake yi da tsakar dare, da safe kowa ya duba lissafin jiya ya gamsu. Yanzu manaja yana son ya buɗe wayarsa da azahar ya ga cinikin da aka yi minti ɗaya da ya wuce.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce leƙe: a rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa zuwa bayan kowane ɗan lokaci tana tambayar babban rumbu, me ya canja tun zuwana na baya? Ta biyu ita ce bin kundi. Kowane rumbun bayanai na kirki yana da wani kundi na cikin gida inda yake rubuta duk canjin da aka yi masa bi da bi, sai a ɗora manhaja ta riƙa karanta kundin tana kai labari. Masu sana'ar suna kiran kama canje-canje irin wannan da haruffa uku, CDC. Bambancinsu kamar na mutum biyu ne da aka aika su gano abin da shago ya sayar: ɗaya yana zuwa jefi-jefi ya ƙirga kayan da ke kan kanta, ɗayan kuma ya zauna kusa da mai shago yana karanta littafin ciniki yayin da ake rubuta shi.

Domin maganar ta zauna daram, mu ƙaddara wani kamfanin sarin kayan masarufi mai rassa da yawa, wanda yake ajiye bayanansa a PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai na kyauta da aka fi amfani da su a duniya. Akwai jadawali mai suna `rasit`, kowane layi a cikinsa ciniki ɗaya ne, kuma kowane layi yana da gurbi mai suna `updated_at` da ke ɗauke da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Mai leƙe yana zuwa kowane minti da tambaya irin wannan:

```sql
SELECT * FROM rasit
WHERE updated_at > '2024-03-11 10:00:55'
ORDER BY updated_at;
```

Ya kwashe abin da ya samu, ya zuba a rumbun rahoto, sannan ya riƙe lokaci mafi girma da ya gani a matsayin alamar inda ya tsaya. Da ita zai dawo a zagaye na gaba. Ma'aikaci ɗaya zai iya haɗa wannan a yini guda, ba ya buƙatar wani izini na musamman sai na karatu, kuma duk wanda ya gaje shi zai gane abin da ya rubuta. Wannan sauƙi ba ƙaramar daraja ba ce, kuma ba na son a raina shi. Nauyin ma ba wani abin tsoro ba ne idan an yi wa gurbin lokacin fihirisa. Leƙe kowane minti yana nufin tambaya 1,440 a rana ga jadawali ɗaya, ga jadawali arba'in kuma 57,600, mafi yawansu su dawo hannu rabbana cikin ƙiftawar ido. Idan babu fihirisa ne ake shan wuya, domin kowace tambaya sai ta karance jadawalin tun daga farko.

Matsalar leƙe tana wani wuri dabam, kuma tana zuwa ba tare da ta yi sallama ba.

Rumbun bayanai yana ɗaure ayyukan da suka danganci juna a dunƙule ɗaya. Idan ana rubuta babban rasit, a cire kaya daga sito, a kuma ƙara wa abokin ciniki bashi, to ko dai duka su tabbata ko kuma babu ɗaya. Kafin a ba da umarnin `COMMIT`, wato umarnin tabbatarwa, babu wani na waje da zai ga ko layi ɗaya daga cikin aikin. Sai dai kuma a PostgreSQL, umarnin `now()` da aka saba cika gurbin lokaci da shi yana ba da lokacin da aka fara dunƙulen ne, ba lokacin da aka tabbatar da shi ba. Daga nan ɓarnar take tasowa.

Ga yadda take faruwa. Da ƙarfe 10:00:50 wani reshe ya fara shigar da babban rasit na Naira miliyan 12, tirelar shinkafa. Aikin ya ɗan tsaya yana jira, domin wani ma'aikaci yana gyara layin sito da shi ma yake buƙata. Da ƙarfe 10:00:55 wani reshen ya sayar da katan ɗaya na taliya, aikinsa ya tabbata cikin sakan ɗaya. Da ƙarfe 10:01:00 mai leƙe ya iso. Ya ga taliya, bai ga shinkafa ba tunda ba a tabbatar da ita ba tukuna, sai ya matsar da alamarsa zuwa 10:00:55. Da ƙarfe 10:01:10 rasit ɗin shinkafa ya tabbata, amma hatimin da ke jikinsa 10:00:50 ne. Da ƙarfe 10:02:00 mai leƙe ya dawo ya ce a ba shi duk abin da ya zo bayan 10:00:55. Shinkafa tana bayan alama da sakan biyar. Ba zai ɗauke ta yanzu ba, ba zai ɗauke ta gobe ba, sai fa in wani ya sake taɓa wannan layin.

Babu saƙon kuskure a ko'ina. Manhajar leƙe ta yi abin da aka ce ta yi, allon manaja ya nuna jimla mai kama da gaskiya, sai dai ta yi ƙasa da miliyan 12. Abin baƙin cikin kuma shi ne ba ƙananan rasit ne suka fi faɗawa wannan ramin ba. Manyan ne, domin su ne suke daɗewa kafin su tabbata. Wasu sukan ce to a bar agogo, a bi lambar layi da ke ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ɗaya ne: ana ba layi lambarsa tun lokacin shigarwa, don haka mai lamba 501 yana iya bayyana kafin mai lamba 500, ga shi kuma lambar ba ta canjawa idan an yi wa tsohon layi gyara.

Akwai magani, amma ba mai kashe cutar ba ne. Ana sa mai leƙe ya riƙa komawa baya da minti biyar a kowane zuwa, ya sake kwaso abin da ya riga ya gani. A can rumbun rahoto kuma a tsara shi yadda layin da ya zo sau biyu zai maye gurbin kansa, ba a ninka shi ba. Wannan zai kamo shinkafarmu. Amma ranar da aikin rufe lissafin wata ya ɗauki minti goma sha biyu kafin ya tabbata, ya sake sulalewa. Duk tazarar da aka zaɓa, caca ake yi cewa babu aikin da zai fi ta daɗewa.

Abu na biyu da leƙe ba ya gani shi ne gogewa. Idan aka soke rasit aka goge layinsa, babu abin da ya rage da za a tambaya. Layin ya ɓace a babban rumbu, yana nan zaune a rumbun rahoto ana lissafa shi a matsayin ciniki. Mafita ita ce a hana gogewa kwata-kwata, a ƙara gurbin da ake yi wa alamar an soke. Wannan kuma yana nufin sai an gyara manhajar kamfanin kanta, an kuma ja kunnen duk mai ikon shiga rumbun da hannu. Haka nan idan wani ya yi gyara da hannu ya manta bai sabunta gurbin lokaci ba, gyaran ya wuce ba a sani ba, sai dai idan an sa rumbun ya riƙa buga hatimin da kansa.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Mai leƙe yana ganin halin da layi yake ciki a lokacin da ya zo ne kawai. A ce an sauke farashin buhu daga Naira 60,000 zuwa 55,000, aka sayar wa wani, aka mayar da shi 60,000, duk cikin sakan arba'in. Jadawalin farashi a rumbun rahoto zai nuna 60,000 kafin da bayan. Ga mai son jimlar ciniki, babu abin da ya ɓata. Ga mai binciken kuɗi kuwa, abin da ya fi son gani ne ya salwanta.

Yanzu sai kundi. PostgreSQL yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: kafin ya rubuta canji a ainihin fayilolin jadawali, sai ya fara rubuta bayanin canjin a wani kundi da ake kira WAL. Ba don rahoto aka yi shi ba. An yi shi ne domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, rumbun ya farfaɗo ya bi kundin ya gyara kansa. MySQL shi ma yana da kundin canje-canje mai suna binlog, wanda yake amfani da shi wajen kwafar bayanai zuwa wasu kwamfutoci. Tunda duk canji dole ya bi ta nan, wanda ya iya karanta kundin ba zai rasa komai ba. Tun fitowa ta 9.4 a shekarar 2014, PostgreSQL ya buɗe ƙofar fassara kundinsa zuwa bayani mai ma'ana: an ƙara layi kaza, an gyara kaza, an goge kaza. A fitowa ta 10 a 2017 kuma aka ƙara tsarin da rumbu ɗaya zai riƙa aika wa wani canje-canjen jadawalin da aka zaɓa kai tsaye.

Abin da ya sa wannan hanyar ta warware matsalar shinkafa shi ne ba ta dogara da agogo ba. Ana fitar da ayyuka ne bisa jerin tabbatarwarsu, kuma aikin da aka fasa ba ya shiga rumbun rahoto. Taliya ta fito da 10:00:56, shinkafa ta biyo ta da 10:01:10, kowace a gurbinta. Mai karatu ba ya riƙe lokaci a matsayin alama, yana riƙe lambar matsayi ce a cikin kundin, wadda ake kira LSN, kuma gaba take yi kullum. Gogewa tana fitowa a matsayin labari mai zaman kansa. Sauke farashi da mayar da shi su fito a matsayin labari biyu. Jinkirin kuma, idan komai yana tafiya lafiya, yakan tsaya a sakan ɗaya zuwa 'yan kaɗan, alhali mai leƙen minti-minti yana baya da rabin minti a matsakaici tun kafin a lissafa lokacin kwasa.

Matakan kafawa ba su da yawa a baki. Ana sauya saitin `wal_level` zuwa `logical`, wanda yake buƙatar a kashe rumbun a sake kunna shi, don haka sai an nemi lokacin da ba a ciniki. Ana zaɓar jadawalin da za a bi. Ana buɗe wa mai karatu gurbi a rumbun, wanda zai riƙa tuna inda ya tsaya. Sannan a yi kwafin farko na duk abin da ke cikin jadawalin, domin kundi ba ya ɗauke da tarihi tun ranar da aka kafa kamfani, daga nan a ci gaba da karatu daga daidai matsayin da aka ɗauki kwafin. Manhajar da ta fi shahara a wannan aikin ita ce Debezium, wadda aka fara a kamfanin Red Hat a 2016, kuma kyauta ce. Galibi tana zuba labaran ne a Kafka, wata manhajar jigilar saƙonni da ta samo asali daga LinkedIn. Kowane saƙo yana ɗauke da yadda layin ya koma da harafi ɗaya mai nuna abin da ya faru: `c` ƙari, `u` gyara, `d` gogewa, `r` kuma layin da ya zo daga kwafin farko.

To ina kuɗin da ake biya? Yana cikin wannan gurbin mai tuna inda aka tsaya. Gurbin alƙawari ne da PostgreSQL ya ɗauka cewa ba zai share ko shafi ɗaya na kundi ba har sai mai karatu ya ce ya karɓa. Muddin mai karatu yana raye, kundi yana shigowa yana fita. Idan ya mutu kuwa, rumbun zai ci gaba da cika alƙawari yana tara kundi a faifansa. A ce kamfaninmu yana samar da gigabait 2 na kundi a kowace awa, kuma saura gigabait 100 a faifan. Mai karatu ya tsaya ranar Juma'a da ƙarfe shida na yamma bayan ma'aikata sun tashi. Awa hamsin ke nan, wato Lahadi da ƙarfe takwas na dare faifai ya cika. PostgreSQL kuma idan ya rasa inda zai rubuta kundi, tsayawa yake yi cak. Ba rahoto ne ya tsaya ba, babban rumbu ne, wanda duk rassa suke fitar da rasit da shi.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai shirin bin wannan hanya ya riƙe. Mai leƙe idan ya mutu, rahoto ne kawai yake tsufa. Mai bin kundi idan ya mutu ba a lura ba, yana iya jan kasuwancin gaba ɗaya ya durƙusa. Sa'ar da aka yi ita ce wannan haɗarin ana ganinsa tun daga nesa, da tambaya ɗaya:

```sql
SELECT slot_name, active,
  pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(
    pg_current_wal_lsn(), restart_lsn))
FROM pg_replication_slots;
```

Amsar za ta nuna ko mai karatu yana haɗe, da yawan kundin da aka riƙe dominsa. Idan `active` ya nuna `f` kuma adadin yana hawa, to a tashi tsaye. Ya kamata a ɗora wannan a kan na'urar gargaɗi da za ta buga wayar wani ko da a daren Asabar ne. Tun fitowa ta 13 a 2020 akwai kuma saitin `max_slot_wal_keep_size`, wanda yake sa iyaka ga kundin da za a riƙe. Ba a kunne yake zuwa ba, sai an sa masa adadi. Idan aka wuce iyakar, rumbun zai sadaukar da gurbin ya ceci kansa, sai a sake kwafin farko daga tushe. Aiki ne mai cin lokaci, amma ya fi a wayi gari babu ciniki. MySQL ya ɗauki akasin wannan matsayi: yana share binlog idan wa'adinsa ya cika, kwana 30 a fitowa ta 8.0 in ba a canja ba, ko mai karatu ya karɓa ko bai karɓa ba. A can rumbun ba ya jiran kowa, mai karatun da ya makara ne yake asara.

Akwai wasu ƙananan ƙayoyi da ya kamata a sani. Idan mai karatu ya faɗi ya tashi, yakan maimaita wasu saƙonnin da ya riga ya aika, saboda haka a nan ma dole rumbun rahoto ya iya karɓar layi sau biyu ba tare da ninkawa ba. Idan aka ƙara sabon gurbi a jadawali, PostgreSQL ba ya aika umarnin sauya fasalin ta wannan hanya, sai an shirya wa rumbun rahoto tun da wuri, in ba haka ba kwasa ta tsaya a saƙon farko da ya zo da sabon gurbin. Jadawalin da ba shi da lambar da ke bambanta layukansa kuma, idan aka sa shi cikin waɗanda ake bi, rumbun zai ƙi yarda a gyara ko a goge layi a cikinsa, kuma mai karɓar kuɗi ne zai fara ganin kuskuren a allonsa. Sannan ranar da aka yi wa layuka miliyan biyar gyara a dunƙule ɗaya, ƙananan cinikin da suka biyo baya sai sun jira wannan ayarin ya wuce, jinkirin sakan biyu ya koma na mintoci.

Ra'ayina shi ne a fara da tambayar abin da rahoton yake yi. Idan jadawalin ƙari kawai ake yi masa, ba a gogewa, ayyukan gajeru ne, kuma jinkirin minti biyar ba zai cuci kowa ba, leƙe da komawa baya ya wadatar, kuma ɗauko Kafka domin wannan ɗora wa ƙananan ma'aikata kayan da ya fi ƙarfinsu ne. Idan kuwa ana soke rasit, ana gyara tsoffin layuka, ana yanke hukuncin kuɗi ko na sito da abin da allo ya nuna, ko kuma ana son tarihin kowane canji, to kundi ne hanya. Sharaɗin shi ne a samu mutumin da aka ɗora wa alhakin gurbin, wanda ya san sunansa kuma gargaɗi yake zuwa wayarsa. Akwai kuma tsaka-tsaki da ake yawan mantawa: idan rumbun rahoton shi ma PostgreSQL ne, umarnin `CREATE PUBLICATION` a wannan gefe da `CREATE SUBSCRIPTION` a wancan sun isa a bi kundi ba tare da Debezium ko Kafka ba, kodayake haɗarin cikar faifai yana nan yadda yake.

Ko wace hanya aka ɗauka, akwai awo biyu da ba a yin sakaci da su. Na farko na jinkiri ne. A keɓe ƙaramin jadawali mai layi ɗaya a babban rumbu, a riƙa rubuta masa lokacin yanzu kowane sakan goma. A rumbun rahoto sai a duba tazarar da ke tsakanin abin da layin ya nuna da agogo, a kuma nuna ta a saman allon manaja, domin ya san ko lissafin minti ɗaya da ya wuce yake kallo ko na awa uku. Ga masu bin kundi wannan layin yana da ƙarin amfani: idan jadawalin da ake bi sun yi shiru alhali sauran rumbun yana aiki, shi ne yake ba mai karatu abin da zai amsa, gurbin ya matsa gaba a share tsohon kundi.

Na biyu na daidaito ne. Kowane dare a ƙirga yawan rasit na jiya da jimlar kuɗinsu a rumbunan biyu, reshe-reshe, a kwatanta. Yanayin bambancin ma yakan nuna mai laifi. Idan rumbun rahoto ya fi yawan layuka, gogewa ce ba ta iso ba, ko kuma saƙo ya ninku. Idan ya gaza da layi ɗaya ko biyu masu manyan kuɗi, aikin da ya daɗe bai tabbata ba ne ya faɗa bayan alama. Idan yawan layuka ya yi daidai amma jimla ta saɓa, wani ya yi gyara bai taɓa gurbin lokaci ba. Ranar da aka ga bambanci, a sake kwashe cinikin wannan ranar na wannan reshen kaɗai daga babban rumbu, sannan a duba ko tazarar komawa baya tana buƙatar ƙari.